Sashen da Ciyaman Ya Ɗauka

A Tirkaniya, in ka tambayi gidan Malam Wilson sai an tsaya ana tunani. In ka ce Ciyaman, ko mai sayar da gawayi za ta nuna maka ƙofar da baki. Ba wanda ya taɓa zaɓensa ciyaman na wani abu. Sunan ya manne masa ne tun yana saurayi, don duk inda mutum uku suka taru a kan wani aiki, kafin su gama gaisawa ya riga ya tsaya a gabansu yana raba musu.

Ubansa, Baba Bitrus, daga wajen Zonkwa ya zo Kaduna lokacin da masaƙun Kakuri suke aiki dare da rana. Ya tsufa a gaban inji, ya mutu da ƙurar auduga a ƙirji. Ɗan ma ya shiga masaƙar, amma auduga ba ta taɓa rigarsa ba. Ya samo wa kansa kujera a bakin sito, inda aikinsa shi ne ya ce wane ya ɗauki wannan, wane ya kai wancan. Da aka rufe masaƙa, abokansa suka watse, wani ya koma acaba, wani ya koma gona. Shi kuwa ya shiga karatun NCE na ƙarshen mako, ya fito da takarda da ƙyar, ya kama koyarwa a wata makarantar kuɗi ta Madam Irene. Bai daɗe a aji ba. Madam ta ga mutum mai kwat da murya, iyayen yara suna ganinsa suna gyara tsayuwa, sai ta ba shi ofis mai fanka ta ce shi ne hedimasta.

A coci ma haka yake. In an yi rasuwa, shi ne zai ce matasa su haƙa kabari, zumuntar mata su ɗora tukunya, wane ya je ɗauko kujeru. Da yamma za ka gan shi yana share zufa da hankici, yana gaya wa baƙi irin wahalar da ya sha. Ba a taɓa ganin ƙasa a takalminsa ba. Mutane sun san haka, amma tun da aikin yana tafiya, sai suka bar shi da sunansa.

Shekara da shekaru yana kan kujerar nan, har ranar da Madam Irene ta tara malamai bayan an tashi yara. Madam ba ’yar boko ba ce can. Da kasuwancin hatsi ta gina makarantar, kuma ba ta iya kwana-kwana ba.

“Masu duba makarantu sun sake tambayata lasisin malamai,” in ji ta. “Na gaji da ba su lemo ina dariya. Kowa ya je ya rubuta jarrabawar rajistar nan da ke tafe. Sauranku in kun faɗi, zan iya haƙuri zuwa ta gaba. Amma kujerar hedimasta, ba zan sake buɗe shekara da wanda ba shi da shaidar a kanta ba. Malam Wilson, da kai nake.”

“Ai ƙaramin abu ne, Madam,” in ji shi, yana gyara wuyan kwat.

A ransa kuwa ya san ba ƙarami ba ne. Rabonsa da ya zauna ya karanta wani abu da ya fi sanarwar coci tsawo, shi kansa ba zai iya tunawa ba.

Jarrabawar ta hukumar da ke yi wa malamai rajista ce. A kwamfuta ake yinta, tambaya da amsoshi a jere, mutum ya zaɓi ɗaya, kuma sai ya ci rabi kafin a ce ya haye. Mai NCE da irin tasa, mai digiri da irin tasa. Hukumar ba ta ɓoye komai ba, ta fitar da manhajar jarrabawar, wadda malamai suke kira silabus: sashe ashirin da ’yan kai, daga tarihin ilimi, halayyar yaro, tafiyar da aji, har zuwa Turanci da lissafi. A ƙarƙashin kowane sashe an jera ƙananan batutuwa layi-layi. Malam Wilson ya sa aka buga masa ita a shagon fotokwafi na Kakuri, ya auna nauyinta a tafin hannu, nan take ya ga mafita. Aiki ne mai yawa, aiki mai yawa kuwa raba shi ake yi.

Ranar Asabar ya tara malamai shida a ajin ’yan firamare shida, suka matsa gwiwoyi a ƙarƙashin bencin yara. Ya ce adashi za su yi, amma na karatu. Kowa zai ɗauki wasu sassa, ya je ya tono littattafansa na kwaleji, ya rubuta bayanin bita a taƙaice. Bayanin ya bi silabus sawu da ƙafa: lambar sashe a sama, kowane layi na silabus ya zama kan magana, a ƙarƙashinsa abin da mai jarrabawa yake bukata, da misali, da ’yan tambayoyin gwaji. Duk Asabar mai sashe zai tsaya ya yi wa sauran bayanin nasa. Takardun kuma za a riƙa ajiye su wurin Malama Hephzibah ta aji huɗu, ita ce uwar adashi, har ranar kwasa, lokacin da za a haɗa su littafi guda kowa ya ɗauki kwafi.

Dabarar ta yi kyau, ba mai musu. Abin da bai faɗa ba shi ne ya riga ya tsara bangon littafin a ransa, da sunansa a tsakiya.

Sai ya kawo doka biyu. Ta farko, ba a karɓar zubi sai an duba shi: mutum ɗaya ya karanta layin silabus, wani ya nemo shi a cikin bayanin, in babu ko kuma ba shi da nama a mayar wa mai shi. Ta biyu, ya faɗe ta yana buga tebur da yatsa: wanda bai zuba ba, ba ya ɗauka.

Da niyyar ya tsaya a matsayin mai sa ido ya zo. Amma ana cikin rabo sai Madam ta leƙo ta jingina da ƙofa. Malam Dalhatu, mai koyar da lissafi, wanda yake zuwa daga Kurmin Gwari a kan keke, ya ɗaga hannu.

“Yallaɓai, a ba ni lissafi, a haɗa mini da sashen auna ɗalibai da na ƙididdiga. Duk hanya ɗaya suke bi.”

Malam Wilson ya kalli Madam ta gefen ido.

“Malam Dalhatu, wa yake sa hannu a sakamakon yaran makarantar nan?”

“Kai ne, Yallaɓai.”

“To auna ɗalibai nawa ne. Ƙididdiga ma ka bar mini. Ka riƙe lissafinka na tara da ɗebewa.”

Madam ta gyaɗa kai ta wuce. Shi kuma ya koma ofis yana jin daɗin kansa, bai buɗe shafin ba sai bayan sati.

Da ya buɗe, sai ya ga sashe na goma sha uku ba sa hannu ba ne. Ana son bambancin gwajin da ake yi ana cikin koyarwa don a gyara, da wanda ake yi a ƙarshe don a yanke hukunci. Ana son a san ko jarrabawa tana auna abin da aka ce ta auna, da ko za ta ba da sakamako iri ɗaya in an maimaita ta. Ana son jadawalin da malami yake zanawa kafin ya tsara tambayoyi, don kada duk su taru a darasi guda. Da ya juya zuwa ƙididdiga, abin ya ƙara lalacewa: matsakaicin maki, makin da ke tsakiya in an jera, makin da ya fi maimaituwa, da wani lissafi na yadda maki suke watsuwa daga matsakaici, mai alamomi kamar ƙafar kaza. Ya tuna an taɓa koya musu wannan a kwaleji. Ya kuma tuna a lokacin ma rukuni aka yi, shi ne ya raba aikin.

Matarsa Esther, mai ɗinki a ƙofar gida, ta gan shi da rana tsaka ya zuba wa takarda ido, biro a baki.

“Baban Joshua, shafin nan ne dai tun jiya?”

“Tunani nake. Aikin ƙwaƙwalwa ba kamar taka keken ɗinki ba ne.”

“Ka je wurin Malam Dalhatu mana. Ka ce masa ka manta. Wa bai taɓa mantuwa ba?”

“Ni in je wurin wanda nake sa wa hannu a takardar hutu?”

Ta ciji zare ta ci gaba da aikinta. Ta daɗe da sanin inda maganarta take tsayawa.

Asabar-Asabar ana ta haɗuwa. Malam Wilson yana zuwa da wuri, ya buɗe da addu’a, ya yi jawabi a kan muhimmancin haɗin kai, sannan ya duba agogo ya ce ana jiransa a wani mitin. A bayansa malamai suna gardama a kan matakan girman yaro, suna yi wa juna tambayoyi a allo, suna cin gyaɗa. In aka ce yaushe zai yi bayanin nasa sashen, sai ya ce mai nauyi a ƙarshe ake sauke shi. Silabus ɗin kam ya haddace ta, don kullum tana hannunsa yana bin mutane da ita: wane, layi na huɗu a sashenka bai cika ba.

A haka ya kama Malama Precious ta ajin reno. Jaririnta ya yi ƙyanda, ta kwana asibiti da shi, ranar zubinta ta zo da rabin sashen ilimin masu bukata ta musamman, a rubuce da hannu.

“Sa, ka ƙara mini sati ɗaya. Wallahi a gefen gado na rubuta wannan.”

“Hukuma za ta tambaye ki gefen gado?” in ji shi. “Doka doka ce. Ba ki zuba ba, ba za ki ɗauka ba.”

Hephzibah ta ce a duba lamarin, Dalhatu ya ce shi zai taya ta. Ya ƙi. Ya ce in aka fara sassauci adashi ya mutu. Precious ta tattara takardunta ta fita. Ya ji daɗin yadda muryarsa ta fita ranar, har ya ba Madam labari.

Da ranar kwasa ta matso, dole ya zuba wani abu. Ya zauna a shagon fotokwafi yana faɗa, mai shagon tana bugawa. Ya kwafe kowane layi na silabus da manyan haruffa, lamba da lamba, ba kuskure ko ɗaya. A ƙarƙashin kowanne kuma ya zuba Turanci irin na jawabin biki. Zubinsa ya fi na kowa kauri, ya fi na kowa tsabta. Da ya riƙe shi, shi kansa ya fara yarda cewa ya yi aiki.

Ranar kwasa Madam ta zo, don ya gayyace ta ta ga bangon littafi. Hephzibah ta karɓi takardunsa ta ajiye gefen silabus.

“Nawa ba sai an duba ba,” in ji shi. “Lokaci ya ƙure.”

“Na kowa an duba, Sa. Malam Dalhatu, karanta.”

Dalhatu ya karanta layin farko: bambancin gwajin cikin koyarwa da gwajin ƙarshe. Hephzibah ta sa yatsa ta karanto abin da ke ƙasa, tana fassara wa Madam da Hausa.

“Ya ce gwaji ginshiƙi ne na ilimi. Ya ce dole kowane malami nagari ya san waɗannan gwaje-gwaje biyu, domin suna da bambanci mai zurfi.”

“To mene ne bambancin?” in ji Madam.

“Nan ya tsaya, Ma.”

Dalhatu ya karanta na gaba. Nan ma an ce batu ne mai matuƙar muhimmanci, wanda masana suka daɗe suna magana a kai. Aka juya zuwa ƙididdiga. A ƙarƙashin makin tsakiya an rubuta cewa, kamar yadda sunansa ya nuna, yana da alaƙa da tsakiya, kuma ana shawartar mai karatu ya zurfafa bincike. Shafi bayan shafi, babu lamba ko ɗaya sai ta shafin.

Wani malami ya sunkuyar da kai ƙarƙashin benci, kafaɗunsa suna rawa.

“Yallaɓai,” in ji Dalhatu a hankali, “wannan ai silabus ɗin ce aka sa mata babbar riga.”

“Taƙaitawa ake kira. Ku kun saba a tauna muku a ba ku a baki.”

“To tauna mana ɗaya, Sa,” in ji Hephzibah. Ta miƙa masa alli. “Yara biyar: biyu, uku, uku, shida, goma sha ɗaya. Wanne ne makin tsakiya, wanne ne matsakaici?”

Ya kalli allin kamar an miƙo masa kunama. Ya ce shi bai zo nan a yi masa jarrabawa ba, ya ce a tuna da wa ake magana, ya ce ba don shi ba da babu wannan adashin. Sannan ya juya wurin Madam, yana jiran ta tsawatar.

Madam ta gyara ɗaurin zane.

“Ni ban san karatunku ba, amma na san adashi, tun kafin a haifi wasunku nake yi. In mace ta kawo ƙullin leda aka kwance aka ga takarda ce a ciki, ba ta zuba ba. Dokar nan ta waye?”

Ta juyo ta dubi Malam Wilson.

“Wa ya zo ofishina yana ba ni labarin yadda ya kori mai jego?”

Duk da haka sun fi shi kunya. Suka ba shi satin da ya hana Precious. Dalhatu ya bi shi har bakin ofis, ya rage murya.

“Yallaɓai, abin nan ba shi da wuya. In an tashi yara ka zo ajina, mu rufe ƙofa. Kwana kaɗan ya ishe mu.”

Sau ɗaya ya taka har bakin ajin. Ya hango Dalhatu ta taga yana goge allo, ya hango kansa a zaune kan bencin yaro yana cewa ban gane ba. Sai ya leƙa ya ce a riƙa kashe fitila in an tashi, ya juya. Sauran satin ya ƙarar da shi yana zaga gidajen dattawan coci, yana neman wanda zai je ya yi wa Madam magana. Mutum biyu suka je. Ta ba su ruwan sanyi, ta tambayi iyalinsu, ta raka su ƙofa.

Da satin ya cika, Dalhatu da Precious suka raba sassansa biyu suka rubuta, da misalai da jadawali. Da wannan Precious ta cika zubinta ta koma ciki. Aka haɗa littafin da bango fari, ba sunan kowa. Kwafi shida aka yi. Hephzibah ta gaya masa a fili cewa nasa yana nan a ranar da ya kawo zubi na gaskiya, ko da shafi biyu ne. Ya ce ba ya bukata. Ya sayi wani ɗan littafin tsofaffin tambayoyi a tashar Kakuri, ya riƙa haddace amsoshin ba tare da ya san dalilinsu ba.

Ranar jarrabawa ya riga kowa fitowa, da kwat da taye. Shi ya tsayar da kekunan haya masu ƙafa uku, ya ce wane ya shiga nan, wane ya shiga can. A cibiyar kwamfuta da ke ƙetaren kogi ya kama jera baƙin mutane a layi, har wani ma’aikaci ya ce, “Baba, kai ma rubutawa ka zo yi? To koma baya.”

Ya zauna gaban allon kwamfuta. Tambaya ta fito, ya gane ta nan take: ta sashe na huɗu ce, na Hephzibah. Ta gaba ta fito, wannan sashe na tara, layi na uku. Kowace tambaya ya san gidansu, ya san lambarta, ya san malamin da ya ba wa ita, har ya tuna ranar da ya yi masa faɗa a kanta. Amsar ce kawai ba ya da ita. Can sai ga jerin maki, ana neman na tsakiya. Ya waiga dama da hagu, kowa ya duƙufa a kan nasa. Karo na farko a rayuwarsa ga aiki a gabansa, ga mutane cike da ɗaki, ba wanda zai miƙa wa.

Da sakamako ya fito, malami ɗaya ya faɗi tare da shi, sauran suka haye. Ya ce linzamin kwamfutarsa ne yake tsalle. Ya ce wutar ma ta yi rawa. Esther ta ce to, ta ci gaba da taka kekenta.

Madam ba ta kore shi ba. Ta ce ya daɗe da ita, kuma iyaye sun saba da fuskarsa a bakin get. Da aka dawo hutu ta ba Hephzibah makullin ofis, shi kuma ta ba shi aji uku, ɗakin da ke kusa da banɗaki, wanda rana take bugawa daga sha biyu. Kwat ɗin bai daina sawa ba. Yara suna ce masa Ciyaman in ya juya baya, don sun ji a bakin iyayensu.

Ƙarshen zango ya zo, aka ce kowane malami ya haɗa sakamakon ajinsa: makin gwaje-gwajen zango, makin jarrabawa, jimla, matsakaici, da matsayin kowane yaro. Shekaru yana sa hannu a ƙasan irin wannan takarda, bai taɓa duba samanta ba. Ya rungumo takardun ya tsaya a tagar Dalhatu.

“Malam Dalhatu, na yi tunani. Tun da aikin nan ya yi wa kowa yawa, me zai hana mu raba? Kai ka ɗauki lissafin duka azuzuwa, Precious ta ɗauki kwafewa.”

“Kai kuma fa, Yallaɓai?”

“Ni sai in duba.”

Dalhatu ya ja benci da ƙafa, ya nuna masa gefensa.

“Mai dubawa tana ofis. Zauna in nuna maka na yaro ɗaya, ka yi sauran.”

Malam Wilson ya kalli bencin. Ya duba agogo. Ya ce an yi rasuwa a layinsu, kuma in bai je ba ba wanda zai san abin da zai kama. Ya mayar da takardun ƙarƙashin hammata, ya nufi get da sauri.